Yaushe Ya Kamata Ka Sayar Da Tsohuwar Babbar Motarka? Yadda Ake Gane Lokacin Da Lissafi

Tambayar da masu manyan motoci a Damagaram suke yawan yi mana ita ce: motar nan tana cin kuɗin gyara, in sayar ko in ƙara haƙuri da ita? Galibi mai tambayar ya fito daga gareji ne da zafin rai, an cire masa jika ɗari bakwai a kan akwatin giya, yana jin kamar ya miƙa ta ga dillali a ranar. Wani kuma akasin haka ne, motar ta daɗe tana cinye ribarsa amma yana cewa ai ta riga ta biya kuɗinta, duk abin da ta kawo yanzu riba ce. Dukansu biyu suna duban abu guda ne su bar ɗayan. Mota tana cin kuɗi ta hanya biyu: darajarta tana raguwa, kuma ana kashe mata kuɗin gyara. Ta farkon tana da nauyi a shekarun farko sannan ta yi sauƙi, ta biyun tana farawa da sauƙi sannan ta yi ta hawa. In aka haɗa su aka raba da yawan shekarun da motar ta yi a hannunka, za a ga adadin yana sauka, ya kai wani wuri ya tsaya, sannan ya fara tashi. Wurin da ya tsaya ɗin nan shi muke nema.

Duk kuɗaɗen da za su biyo baya, da jika aka rubuta su, wato sefa dubu ɗaya, kuma na misali ne don a ga yadda lissafin yake tafiya. Ka sa naka a gurbinsu.

Mataki na 1: Tattara abin da aka kashe, shekara shekara

Kayan aikin ba su da yawa: littafi mai layi, biro, da kalkuletar waya. Ka ware shafi guda ga kowace shekara, kuma shekarar ta fara daga watan da motar ta fara aiki a hannunka. In ka saye ta a watan Oktoba, shekararta ta farko daga Oktoba ne zuwa Satumba. Kowace mota da littafinta. Mai motoci uku da yake zuba kuɗin gyaransu a shafi ɗaya ba zai taɓa sanin wacce ke cin 'yan uwanta ba.

In ba ka taɓa rubutawa ba, kada ka ce lissafin ya gagara. Zauna da direba da makanikenka, ku tuno manyan ayyuka tukuna: yaushe aka sauke inji, yaushe aka canza kuloci, taya nawa aka saya bara, sau nawa sifirin ya karye a hanyar Tanut. Mai sayar maka da kayan gyara bashi yana da littafinsa, ka roƙe shi ya duba maka. Saƙonnin tura kuɗi da ke cikin wayarka ma suna ɗauke da kwanan wata da adadi.

Hattara: gyaran da direba yake yi a kan hanya daga cikin kuɗin lodi shi ne ya fi ɓacewa. Ya dawo daga Agadas ya ce an samu jika ɗari huɗu, an kashe talatin a walda da facin taya, ya miƙa maka ɗari uku da saba'in, kai kuma ka rubuta ɗari uku da saba'in kawai. Talatin ɗin nan kuɗin gyara ne, a shafin gyara zai shiga. A tsohuwar mota irin waɗannan ƙananan kuɗi sukan taru su yi yawa, kuma su ne farkon alamar tsufa.

In kana sayo kayan gyara daga Kano, ka mayar da kuɗin zuwa sefa bisa canjin ranar da ka saya, ka rubuta nan take. In ka bari sai bayan shekara biyu ka yi amfani da canjin yau, adadin zai fito ƙarya, domin naira ba ta zama wuri ɗaya.

Mataki na 2: Ware kuɗin da ke hawa da tsufa

Ba duk abin da ake kashe wa mota ne yake shiga wannan lissafi ba. Tambaya ɗaya za ka yi wa kowane kuɗi: in na canza motar da wata mai ƙuruciya, wannan kuɗin zai canza? Albashin direba da na yaron mota, kuɗin tasha, la'adar masu lodi da kuɗin hanya ba za su canza ba, tsohuwa da sabuwa duk ɗaya suke biya. Ka bar su waje. Sa su ba zai ɓata amsar ba, amma zai kumbura alƙaluman har bambancin da kake nema ya ɓuya a cikinsu.

Abin da zai shiga shi ne kayan gyara da ladan makanike, walda, birki, batir, taya, juyen baƙin mai da matatu, kuɗin janyo mota in ta mutu a daji, da baƙin man da ake ƙarawa tsakanin juye da juye. Wannan na ƙarshen mutane suna raina shi. Injin da ring ɗinsa ya cinye yakan sha lita da yawa a tafiya guda, kuma ba wanda yake rubutawa saboda a hanya ake saye kaɗan kaɗan.

Man gazuwal kuwa, ƙarin da tsufa ya jawo kawai za ka sa. A ce motar tana shan lita 35 a kilomita 100 lokacin da ka saye ta, yanzu tana shan 39 da lodi iri ɗaya a hanya iri ɗaya. Bambancin lita 4 ne. In tana yin kilomita 40,000 a shekara, lita 1,600 ke nan da tsufa ya ci. Ka ninka da farashin lita, ka zuba a shafin gyara na wannan shekarar.

Hattara: kada ka gwada shan man tafiyar Yamai a kan kwalta da na shiga kasuwannin ƙauye cikin rairayi. Zaɓi hanya ɗaya da motar ta saba bi, misali Damagaram zuwa Maraɗi, ka cika tanki kafin tashi, ka sake cikawa da isa, ka ga abin da ya shiga. Kuma kafin ka ɗora wa tsufa laifi, a duba matatar iska. Ƙurar hunturu tana toshe ta, injin ya rasa numfashi ya yi ta baƙin hayaƙi yana shan mai, alhali maganin jika kaɗan ne.

Kuɗin hatsari ma a cire shi. In mota ta faɗi an kashe miliyan biyu a bodi, wannan ba tsufa ba ne, sabuwa ma tana faɗuwa. Sai dai in birki ko wani ƙarfe da ya gaji ne ya jawo.

Mataki na 3: Kuɗin saye da kuɗin sayarwa

Kuɗin saye shi ne duk abin da ka kashe har ranar da motar ta ɗauki lodinta na farko: farashinta, kuɗin kawo ta, duwan, takardu, la'adar dillali, da gyaran farko da kusan kowace motar da aka yi amfani da ita a Turai take buƙata, kamar ƙarin sifirin, ɗaga bodi da sabbin tayoyi. A misalinmu duka sun tashi jika 20,000, wato miliyan 20.

Abu na biyu ya fi wuya: nawa motar za ta yi in an sayar da ita a ƙarshen kowace shekara? Na shekarun da suka wuce sai dai ƙiyasi, ta hanyar tuna nawa aka sayar da irinta a lokacin. Na yau kuwa ana iya sani. Ka kira dillalai biyu ko uku, kowa daban, kada wani ya san ka tambayi wani. Tambayar ita ce nawa za a ba ka a hannu cikin makon nan, kuɗi ƙasa. Ka ɗauki na tsakiya, ka cire la'ada.

Hattara: farashin da ake sa wa mota a bakin kasuwa daban yake da wanda ake sallamawa. Mai mota kuma kullum yana ganin tasa ta fi haka, saboda ya san sabon famfon da ya sa mata da kuɗin da ya zuba. Mai saye ba ya biyan wahalarka, hayaƙi yake kallo da tsagar shasi. In ka sa farashin da zuciyarka take so, lissafin zai ruɗe ka.

Mataki na 4: Zana jadawalin

Yanzu ga kowace shekara za ka yi abu uku. Ka cire kuɗin sayarwa na ƙarshen shekarar daga kuɗin saye, ka samu faɗuwar daraja. Ka tara duk kuɗin gyara daga shekarar farko har zuwa wannan. Ka haɗa biyun ka raba da yawan shekaru. Abin da ya fito shi ne matsakaicin abin da motar take ci a shekara.

| Shekara | Kuɗin sayarwa | Gyaran shekarar | Jimillar gyara | Faɗuwar daraja | Duka | Matsakaici |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 1 | 15,500 | 900 | 900 | 4,500 | 5,400 | 5,400 |
| 2 | 13,000 | 1,200 | 2,100 | 7,000 | 9,100 | 4,550 |
| 3 | 11,200 | 1,600 | 3,700 | 8,800 | 12,500 | 4,167 |
| 4 | 9,800 | 2,000 | 5,700 | 10,200 | 15,900 | 3,975 |
| 5 | 8,700 | 2,500 | 8,200 | 11,300 | 19,500 | 3,900 |
| 6 | 7,800 | 3,300 | 11,500 | 12,200 | 23,700 | 3,950 |
| 7 | 7,100 | 4,300 | 15,800 | 12,900 | 28,700 | 4,100 |

Mu bi layi ɗaya a hankali don a gane sauran. A ƙarshen shekara ta 4 motar za ta sayu jika 9,800. An saye ta 20,000, don haka darajarta ta faɗi da 10,200. Gyaran shekaru huɗun shi ne 900 da 1,200 da 1,600 da 2,000, jimilla 5,700. In aka haɗa, motar ta ci 15,900 a shekara huɗu, wato 3,975 kowace shekara.

Mai aiki da Excel zai sa shekara a layin A, kuɗin sayarwa a B, gyaran shekarar a C, sannan ya rubuta wannan a D2 ya ja shi ƙasa. In na'urar da Turancin Ingilishi take, SUM za a rubuta a maimakon SOMME.

```
=(20000-B2+SOMME(C$2:C2))/A2
```

Hattara: kuskuren da aka fi yi a nan shi ne raba gyaran shekarar kaɗai maimakon jimillar gyara tun daga farko. Layin ƙarshe, na matsakaici, ba zai yi ma'ana ba in aka yi haka, zai yi ta sauka har ƙarshen jadawalin ya nuna maka cewa kada ka sayar.

Mataki na 5: Karanta layin ƙarshe, sannan ka leƙa shekara mai zuwa

Layin ƙarshe ya sauko daga 5,400 har 3,900 a shekara ta 5, sannan ya juya ya fara hawa. Bisa wannan jadawali, wanda yake sayen irin wannan mota ya riƙe ta shekara biyar ya sayar ya sayi irinta, shi ne yake kashe mafi ƙanƙanta a kowace shekara. Wanda ya sayar bayan shekara biyu saboda son sabon abu yana asarar jika 650 duk shekara, ko da yake ba ya ganin gareji sosai.

Sai dai jadawali yana nuna juyawar ne bayan ta faru, kai kuma kana so ka sani kafin ka shiga shekarar asara. Ga yadda ake yi. A ƙarshen kowace shekara ka ƙiyasta abin da shekara mai zuwa kaɗai za ta ci: gyaran da kake hange, haɗe da abin da darajar motar za ta ƙara raguwa. A ƙarshen shekara ta 5, gyaran shekara ta 6 jika 3,300 ne, darajar kuma za ta sauka daga 8,700 zuwa 7,800, wato 900. Shekarar za ta ci 4,200. Matsakaicin da kake kai yanzu 3,900 ne. Tun da 4,200 ya fi 3,900, shekarar nan za ta ja matsakaicin sama, lokacin sayarwa ya yi. A ƙarshen shekara ta 4 kuwa, shekara mai zuwa za ta ci 2,500 da 1,100, wato 3,600, ƙasa da 3,975, sai a ci gaba da riƙewa.

Ƙiyasin gyaran shekara mai zuwa ba duba ba ne. Ka kai motar wurin makaniken da ba shi da rabo a cikin sayarwar ko gyaran, a gwada ƙarfin matsin inji, a saurari akwatin giya da dif, a shiga ƙarƙashi da fitila a duba shasi wajen maƙalar sifirin, a ƙirga tayoyin da ba za su kai ƙarshen shekara ba. Ka rubuta farashin kowanne, sannan ka ƙara kwatankwacin ƙananan gyare-gyaren bara.

Ka lura kuma da cewa 3,975 da 3,900 da 3,950 kusan abu ɗaya ne. Gindin jadawalin shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti, ba shi da tsini. Bambancin jika 50 ko 75 a shekara bai kai kuskuren da ke cikin ƙiyasinka ba. Don haka abin da jadawalin yake cewa da gaske shi ne tsakanin shekara ta 4 da ta 6 babu babbar asara ko ta ina, amma daga ta 7 an fita daga gona.

Mataki na 6: Ƙara kwanakin da motar ta kwana a gareji

Wannan mataki shi ne wanda littafin kashe kuɗi ba ya nunawa, domin ba kuɗi ne da ya fita daga aljihu ba, kuɗi ne da bai shigo ba. Motar da ta yi kwana goma tana jiran a kawo mata kiranshaf daga Kano ba ta ci ko dala a kwanakin nan ba a rubuce, amma lodin wake da na siminti sun tafi a motar wani.

Ka fara gano abin da motar take bari a ranar aiki bayan an cire mai, kuɗin hanya da na abincin direba. A misalinmu jika 30 ne. Sannan ka ƙirga kwanakin da ta tsaya saboda lalacewa alhali akwai lodi. A ce kwana 8 a shekarar farko, sannan 10, 15, 20, 35, 50, da 60 a shekara ta 7. In aka ninka da 30, asarar ita ce 240, 300, 450, 600, 1,050, 1,500 da 1,800.

Zuba su a kan gyara ka sake lissafi. Shekara ta 4: an tara 1,590 na zaman gareji, a haɗa da 15,900 ya zama 17,490, a raba huɗu, kusan 4,373. Shekara ta 5: an tara 2,640, a haɗa da 19,500 ya zama 22,140, a raba biyar, 4,428. Shekara ta 6 ta tashi 4,640. Gindin ya matso daga shekara ta 5 ya dawo ta 4, kuma hawan da ke bayansa ya ƙara tsayi. Kusan kullum haka yake: zaman gareji yana gajarta ran mota a lissafi.

Hattara: kada ka ƙirga ranakun da ko motar tana lafiya ba za ta samu lodi ba. Kwana ashirin a gareji cikin damina, lokacin da hanyoyin ƙauye suka ɓaci kasuwa ta yi sanyi, ba ɗaya suke da kwana ashirin a watan Nuwamba ba, lokacin da wake da gyaɗa da gero suke fitowa daga Magarya da Matamai da Mirya kowa yana neman mota. In kwanakin kaka sun fi tsada a wurinka, ka ba su farashinsu daban. Mai kwangilar kai kaya da wa'adi, ko mai ɗaukar dabbobi da kayan gwari da ba sa jure kwana a hanya, ya ƙara abin da yake biya in kaya suka lalace ko ya yi hayar wata mota ta kwashe.

Mataki na 7: Babban gyara guda, kamar sauke inji

Kuɗin gyara a zahiri ba ya hawa sannu sannu kamar na jadawali. Shekara guda a sauke inji a kashe da yawa, shekara mai bi ta yi sauƙi. A layin matsakaici wannan ba matsala ba ce, tun da tarawa ake yi. Inda yake ruɗarwa shi ne gwajin shekara mai zuwa.

A ce makanike ya ce inji yana son aikin jika 1,800, kuma in an yi zai ɗauki shekara uku. In ka ɗora 1,800 gaba ɗaya a kan shekara mai zuwa, lissafi zai ce sayar, ko da sauran jikin motar lafiya lau. Hanyar da ta dace ita ce ka duba shekaru ukun a dunƙule: aikin inji, sauran gyaran shekaru ukun, zaman gareji, da faɗuwar daraja, ka raba uku, sannan ka gwada abin da ya fito da matsakaicin da kake kai. Injin zai zama 600 a shekara. Amma wannan rabon yana da inganci ne kawai in akwatin giya, dif da shasi za su kai shekara ukun tare da shi. Sabon inji a kan shasi mai tsaga kuɗi ne da aka binne.

Hattara: wannan lissafin kafin a kwance inji ake yin sa. Da zarar an biya, kuɗin ya tafi, ba ya cikin shawarar gobe. Maganar "na riga na zuba mata miliyan biyu, ba zan sayar yanzu ba" ita ce take sa a ƙara zuba wasu biyun. Kuma wanda ya yi babban gyara don ya sayar da tsada, da wuya mai saye ya mayar masa da duk abin da ya kashe. Ka tambayi dillali farashi biyu, na yadda take da na bayan gyara. In bambancin bai kai kuɗin gyaran ba, a sayar da ita yadda take, a faɗa wa mai saye aibinta.

Mataki na 8: Gwada ta da motar da za ka saya yau

Duk abin da ya gabata ya ɗauka cewa za ka sami irin motar a farashin da ka sayi ta farko. Ba lallai ba ne. In irinta yanzu ta kai jika 24,000, to abokin gwajin tsohuwarka ba matsakaicinta na baya ba ne, matsakaicin sabuwar ne.

Zana wa sabuwar nata jadawali na ƙiyasi. A ce bayan shekara biyar za ta sayu 10,500, gyaranta da zaman garejinta kuma su yi kamar na ta farko, 8,200 da 2,640. Faɗuwar daraja 13,500, duka 24,340, a raba biyar, kusan 4,870 a shekara. Yanzu sai a tambayi tsohuwar: nawa za ki ci a shekara mai zuwa? Shekara ta 5 za ta ci 3,600 da zaman gareji 1,050, wato 4,650. Bai kai 4,870 ba, a riƙe ta. Shekara ta 6 za ta ci 4,200 da 1,500, wato 5,700. Ya zarce da jika 830. Tsadar sabuwar ta sayo wa tsohuwar shekara guda, amma ba ta sayo mata biyu ba.

Ka lura cewa a wannan gwaji miliyan 20 da ka biya tun farko bai fito ko'ina ba. Abin da ya rage na tsohuwar a lissafi shi ne abin da za a ba ka yau da abin da za ta ci gobe.

Hattara: in sabuwar ta fi tsohuwar ɗaukar kaya ko yawan tafiya, kada ka gwada su da shekara. Raba kuɗin kowacce da tan ɗin da take kaiwa a shekara, ko da kilomita. Motar da take cin 6,000 ta kai tan 2,000 ta fi wadda take cin 5,000 ta kai tan 1,400 araha, muddin kana da lodin da zai cika ta. Kuma in farashin motoci ya tashi, na tsohuwarka ma ya ɗan tashi, sai ka sake tambayar dillalai kafin ka yi gwajin.

Mataki na 9: Kuɗin da ke kwance a jikin motar

Saura abu ɗaya, kuma yana jan shawarar baya. Kuɗin da ke daskare a jikin mota da yana cikin wani ciniki, da yana kawo wani abu. Ɗan kasuwar da ya san jarinsa yana kawo masa goma cikin ɗari a shekara a cinikin hatsi ya sa wannan a lissafi. Tsohuwar tana riƙe da jika 8,700 a farkon shekara ta 6, goma cikin ɗarinsa 870, sai 5,700 ya zama 6,570. Sabuwar tana farawa da 24,000 tana sauka, a tsawon shekara biyar tana riƙe da kusan 16,700 a matsakaici, wato 1,670 a shekara, sai 4,870 ya zama 6,540.

6,570 da 6,540 kunnen doki ne. Ga wannan ɗan kasuwa, shekara ta 6 ko ya riƙe ko ya sayar duk ɗaya. Shekara ta 7 kuwa, 5,000 da 1,800 da 780 sun kai 7,580, babu wata gardama. Wanda kuɗinsa ba ya juyawa haka, a ajiye kawai yake, ya sayar a ƙarshen ta 5. Wanda sai ya karɓi bashi ko ya shigo da abokin tarayya kafin ya cika kuɗin sabuwa, ya sa abin da hakan zai ci masa a shekara a gurbin goma cikin ɗarin.

Mataki na 10: Zaɓi watan sayarwa

In lissafi ya nuna shekarar, sai a zaɓi watan. Masu neman mota sun fi yawa gab da kaka, lokacin da kowa yake hangen lodi, don haka farashi ya fi kyau a ƙarshen damina. Amma kai ma lodin kakar kake so. Hanyar da ta fi ita ce sabuwar ta iso, an gama mata duwan da takardu da gyaran farko, kafin tsohuwar ta bar hannunka. In kuɗin tsohuwar ne zai cika na sabuwar, ka ƙirga makonnin da za ka zauna babu mota, ka ninka da jika 30 na kowace ranar aiki, ka ɗora a kan kuɗin sayen sabuwar a Mataki na 8. Wata biyu babu mota a tsakiyar kaka, in an ƙirga ranakun aiki 50, jika 1,500 ne, wato ƙarin 300 a kowace shekara cikin biyar.

Ka sayar tun tana tashi da kanta tana tafiya da ƙafarta. Farashin da ke layin kuɗin sayarwa na jadawali na mota mai aiki ne. Ranar da inji ya buga a hanyar Gure aka janyo ta, masu sayen ƙarfe da masu kwance kayan gyara ne za su yi mata kuɗi, kuma jika 7,800 ɗin da ka rubuta ba zai samu ba. Kada ka sa sabbin tayoyi goma wata guda kafin sayarwa. In dole ne, sa masu rabin rai, sabbin su jira sabuwar mota in girmansu ɗaya. Takardun inshora da na gwajin lafiyar mota su kasance da sauran kwana, a canza sunan mai mota a katin rajista a ranar ciniki, sannan ka buɗe wa sabuwar littafinta daga shafin farko, da kuɗin saye a sama da lambar kilomitar da ta zo da ita.